Daga Katsina zuwa Maiduguri: a wace tasha zan hau, kuma ƙarfe nawa zan tashi?

"Assalamu alaikum Baba. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Maiduguri, kuma ni aka ɗora wa rakiyarta. Ranar Litinin za ta fara rajista, ni kuwa iyakata Kano, ban taɓa wuce nan ba. Wani ya ce mu nemi motar da za ta kai mu kai tsaye daga nan Katsina, wani ya ce mu fara zuwa Kano mu sake mota. Muna da akwati biyu da katifa. Wanne ya fi, kuma ƙarfe nawa ya kamata mu bar gida?" Daga wani mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa ta shiga a sa'a, ya ba da abin da aka je nema.

Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Kano da Maiduguri kafin gwiwa ta zaunar da ni a tasha, kuma abin da hanyar nan ta koya mini shi ne ba daga ƙofar gida ake fara lissafinta ba. Daga can ƙarshe ake farawa, a dawo baya. Dalili kuwa shi ne ɓangaren ƙarshe na tafiyar, wato daga Damaturu zuwa Maiduguri, ba hanya ce da ake bi a duk lokacin da aka ga dama ba. Tun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, sojoji ke rufe ta da yamma, sai gari ya waye su buɗe. Wanda ya zo a makare ba zai shiga gari ba, ko da kuwa yana hango fitilunsa. A watan Fabrairun 2020 matafiya suka iske an rufe shinge, suka kwana cikin motocinsu a Auno, ɗan garin da bai fi kilomita 25 daga Maiduguri ba. Cikin dare aka far musu, aka kashe mutum aƙalla 30, aka ƙona motoci. Allah ya jiƙansu. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, don kullum motoci na bin hanyar suna isa lafiya. Na kawo shi ne don ka gane cewa a wannan tafiyar agogo ne ke zaɓar maka tasha.

Sa'ar rufewar tana hannun sojoji, kuma sukan matso da ita ko su sassauta gwargwadon yadda suka ga yanayi. Saboda haka ni ban taɓa yin lissafi da ita ba. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce in bar Damaturu kafin ƙarfe 3 na rana. Idan uku ta yi ban fita ba, to nan zan kwana.

Mu yi lissafin daga baya

Daga Damaturu zuwa Maiduguri kusan kilomita 130 ne. A takarda tafiyar awa ɗaya da rabi ce, amma akwai shingayen bincike da yawa ta Benisheikh da Mainok da Jakana har zuwa Njimtilo a bakin gari, wani wurin ma a sauke fasinja su taka da ƙafa. Ka ba ta awa biyu zuwa biyu da rabi. Ka kuma tuna cewa Maiduguri tana gabas da mu sosai, rana takan riga faɗuwa a can da kamar minti 20 kafin ta faɗi a Katsina. Magaribar da ka saba da ita a gida ba ita ce tasu ba.

Daga Kano zuwa Damaturu, ta Wudil da Kwanar Huguma da Shuwarin da Jama'are da Azare da Potiskum, a hannun direba mai hankali awa shida ce zuwa bakwai, har da tsayawar cin abinci da shan mai. Tun 2006 aka ba da aikin mayar da hanyar tagwaye. Inda aka gama, mota tana tafiya kamar a kan tabarma, inda ba a gama ba kuma sai a karkatar da ku hannu ɗaya ku riƙa gogayya da tireloli. Idan direba ya ce maka zai kai ka Damaturu a awa huɗu da rabi, ba gwaninta yake gaya maka ba, gaya maka yake zai taka fiye da kima. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta tsayar wa motar haya kilomita 90 a awa a kan tagwayen hanya, 80 a kan sauran manyan hanyoyi.

To ka cire awa bakwai daga ƙarfe 3 na rana. Ka ga dole motarka ta bar Kano da ƙarfe 8 na safe. Ba ta fara lodi ba, ba ta je shan mai ba, a'a, ta riga ta wuce Mariri ta miƙa.

Yanzu ka ƙara Katsina a kai. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, ta Charanchi da Kankia da Tsanyawa da Bichi, awa biyu da rabi zuwa uku. Motocin Katsina yawanci ta Ƙofar Ruwa suke saukewa, a arewacin birni, motocin gabas kuma su tashi daga can ɗaya gefen, wajen Unguwa Uku. Ratsa Kano a adaidaita sahu da akwati biyu da katifa, da cinikin kuɗin kaya, da jiran mota ta cika, ba zai gaza awa ɗaya da rabi ba, kuma na yi maka rangwame. Idan ka haɗa duka, sai ka bar Katsina wajen ƙarfe 3 da rabi na dare kafin lissafin ya fita. A lokacin ba motar da ke lodi, kuma ko akwai, ban ba ka shawarar ka fito da yarinya da kaya cikin wannan duhun ba. Saboda haka shawarar a tashi Katsina da safe, a sake mota a Kano, a kwana Maiduguri duk a rana ɗaya, ka ajiye ta gefe. Waɗanda suka yi haka suka dace, sa'a suka taka.

Motar kai tsaye

Wanda ya ba ka shawarar motar kai tsaye yana da hujja. Kaya sau ɗaya za a ɗaura, sau ɗaya za a kwance, babu ratsa gari a adaidaita, babu biyan kuɗin katifa sau biyu. Idan motar ta bar Katsina da ƙarfe 6 daidai, za ta shiga Kano wajen 9 saura, ta ɓata kamar minti 45 kafin ta fita ta ɗaya gefen, ta isa Damaturu tsakanin 3 da rabi da 4 da rabi. Ka ga ko da komai ya tafi daidai, ta riga ta wuce ƙa'idata. Faci ɗaya ya isa ya sa ku kwana a hanya.

Sannan akwai matsalar cika. Motar haya ba agogo ke tayar da ita ba, fasinja ke tayar da ita. Mutanen da ke zuwa Kano daga Katsina kowace safiya ba su ƙirguwa, shi ya sa motar Kano ke cika kafin ka gama shan koko. Masu zuwa Maiduguri daga Katsina a rana ɗaya kuwa 'yan kaɗan ne, sai dai lokacin komawar ɗalibai ko bayan salla. Motar da aka ce maka ta ƙarfe 6 ce tana iya kaiwa 8 tana jiran mutum uku. Kai ka riga ka biya, kayanka na ɗaure a sama, ba ka da yadda za ka yi.

Abu na uku shi ne juye. Ɗan kamasho zai ce maka "Maiduguri kai tsaye", ya karɓi kuɗin Maiduguri, amma rabin mutanen da ke cikin motar Kano za su sauka. Da an isa Kano direban ba zai ja rabin mota har Borno ba, man ma ba zai fita ba, balle yanzu da aka cire tallafin mai tun 2023. Sai ya kai ku wata tasha ya juye ku a motar wani, ya ba shi wani abu daga kuɗinku ya riƙe saura. Ku kuma ku koma jiran sabon lodi da ƙarfe 10 na safe. Gane wannan ba wuya. Kafin ka biya, ka leƙa cikin motar ka tambayi mutum uku ko huɗu inda za su. Idan ka ji Kano, ka ji Wudil, ka ji Azare, to ba motar Maiduguri ba ce. Ka kuma nemi direban da kansa, ba ɗan kamasho ba, ka tambaye shi a wace tasha yake saukewa a Maiduguri da kuma yaushe rabonsa da can. Wanda ke bin hanyar zai amsa maka ba tare da ya ɗaga kai sama ba.

Ban ce kada a taɓa hawa motar kai tsaye ba. Idan ka je tashar KTSTA, wato hukumar sufurin jihar Katsina, ko babbar tasha tun jajibiri, ka tarar da mota ta Maiduguri da gaske, sunayen fasinja sun kusa cika takarda, direban kuma ya yarda cewa in an makara a Potiskum ko Damaturu za a kwana, namiji shi kaɗai da jakarsa zai iya gwadawa. Kai da ke tare da ƙanwa da katifa da rajistar Litinin, ba na so ka ɗora tafiyarka a kan "in an dace".

Abin da zan yi in ni ne

Zan raba tafiyar kwana biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko ma da hantsi in ba abin da ya tsare ni, zan hau motar Kano. A nan ba sai an wahalar da kai wajen zaɓe ba, KTSTA ko motocin yuniyan duk suna yi, muddin cikin tasha ka hau. Ka dai bar Katsina kafin ƙarfe 3 don ka shiga Kano da sauran haske. Kada ka wuce masauki kai tsaye. Ka fara kai kayan tashar da za ku tashi gobe, ka ga motocin da idonka, ka tambayi wace ce ke kan layin farko, ka rubuta suna, in suna karɓar kuɗi tun yau ka biya ka karɓi rasit. A nan ne kuma za ka sami labarin hanya na gaskiya, daga bakin direbobin da suka shigo daga Maiduguri a ranar: ƙarfe nawa ake rufewa a wannan makon, ina aka karkatar da hanya, ina ruwa ya ci. Labarin da ya kwana uku a wannan hanyar ya tsufa.

Me ya sa na ce Juma'a ba Asabar ba? Don ku yi doguwar tafiyar ranar Asabar, Lahadi ta zama rarar da kuka ajiye. In mota ta lalace kuka kwana a Potiskum, har yanzu za ku shiga Maiduguri Lahadi da hantsi, Litinin ba ta taɓu ba. In kuma kun isa lafiya ranar Asabar, yarinya ta huta, ku je ku ga ƙofar makarantar da inda za ta fara. Kada kuma ka juya lissafin ka ce za ka yi doguwar tafiyar ranar Juma'a. Ranar ce kasuwar Wudil take ci, kuma wanda ya taɓa shiga cunkoson motocin shanu a bakin gadar nan ba ya so ya maimaita.

Ranar Asabar ku yi asuba a kusa da tasha, ko ma a masallacin tashar. Lodin farko shi ne naka. Mutanen da ke hawa motar farko su ne waɗanda suka san hanya, 'yan kasuwa da ma'aikata da sojojin da ke komawa bakin aiki, kuma don sun san abin da ke gaba ba sa barin a yi musu wasa da lokaci. In kun tashi 6 da rabi, za ku sha shayi a Azare ko ku ci abinci a Potiskum, ku wuce Damaturu wajen ƙarfe 1, ku shiga Maiduguri kafin ko daidai la'asar. Ka ga kana da rarar awa biyu a aljihu. Da wannan rarar ake biyan faci, da layin gidan mai, da sojan da ya ce a sauke duk kayan da ke but.

Na taɓa cin wannan rarar da kaina, shi ya sa nake nanata ta. Wata rana ina kan layi na uku, mutum biyu suka rage mini, na ƙi tashi don ina ganin asarar kujera biyu ta yi yawa. Ban bar Kano ba sai 10 ta gota. Bayan Azare tayar baya ta yi bindiga, na sa safaya, sai na tarar ita ma iskarta ta sauka, yaron motata bai duba ba ni ma ban duba ba. Kafin a samo mai faci a dawo an ci fiye da awa. Muka shiga Damaturu rana ta yi ja. Wani fasinja mai ɗaurin aure washegari ya yi ta roƙona in taka, har ya ce zai ƙara mini kuɗi. Na kashe mota na ce nan za mu kwana. Ya zage ni iya son ransa, matan da ke motar suka kwana a rumfar tasha a kan tabarmar aro. Abin da na kashe a daren nan ya fi kuɗin kujeru biyun da na tsaya jira.

Daga nan ka ɗauki wannan: idan kuna mota mutum ɗaya ko biyu suka rage, agogo kuma yana neman 7 da rabi, ka ce wa sauran fasinja a haɗa kuɗin kujerar a raba. Yawanci kowa zai yarda, don abin da zai faɗo kan mutum ɗaya bai kai kuɗin kwana a hanya ba.

Wace tasha, wace mota

A Kano za ka tarar da iri biyu. Akwai motocin gwamnatocin jihohi irin Borno Express da Yobe Line, akwai kuma na yuniyan. Na gwamnati sun fi tsari wajen rasit da rubuta suna, kuma in wani abu ya faru akwai ofishin da za a je. Na yuniyan sun fi yawa, don haka sun fi saurin samuwa. Ni ba na rantsuwa da suna. Abin da nake dubawa shi ne a cikin tasha motar take lodi, mai shinge da ofis da shugabanni, kuma ana rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa. Takardar nan da mutane ke rainawa, ita ce kaɗai shaidar cewa kun hau wannan motar. Ka cika ta da lambar da ke aiki, ka kuma tura wa na gida lambar motar ta waya kafin ku tashi.

Motocin bakin titi, masu tsayawa a Hotoro ko Mariri suna kiran "Maiduguri mutum ɗaya", sun fi araha, gaskiya ne, don ba sa biyan kuɗin tasha. Amma ba wanda ya san direban, ba wanda ya rubuta sunanka, kuma "mutum ɗayan" nan yakan zama huɗu, don wasu daga waɗanda ka gani zaune an zaunar da su ne kawai don motar ta yi kamar ta cika. Da ka biya sai ka ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Arahar nan ba ta kai ba.

Game da girman mota, ƙaramar irin Sharon ko Siyana ta fi Hama saurin cika, don mutanen da take jira ba su kai na Hama yawa ba, kuma ta fi saurin wuce shinge tunda kayan da za a bincika kaɗan ne. Kuɗinta ya ɗan fi. Hama kuma ta fi ɗaukar kaya, katifarku ba za ta zama abin rigima ba. In Hamar ce ke kan layin farko kuma ta kusa cika, ku hau. In kun tarar da ita da mutum biyar a ciki ƙarfe 6 ta wuce, ku ƙara kuɗi ku shiga ƙaramar. Kowacce ce, ka zagaya ka dubi tayoyin, in sun suɗe kamar tafin hannu ka haƙura da ita, ka kuma ce a nuna maka safaya ka danna ta da ƙafa. Ba rashin kunya ba ne. Direban kirki ba zai ji haushi ba.

Kuɗin kaya a gama shi kafin a ɗaura, a gaban direba, kada a bari sai an hau. Takardun makarantarta da katin shaidarku su kasance a ƙaramar jaka a cinya, ba cikin akwatin da ke ƙarƙashin buhuna ba, don daga Damaturu zuwa gaba ana iya cewa kowa ya nuna kati. Ka nema wa ƙanwarka gefen taga, kai ka zauna kusa da ita, ko a haɗa ta da wata mace. Da safe rana za ta riƙa dukan fuskar direba tunda gabas kuka nufa, in lokacin hazo ne kuma ba ya ganin nesa, don haka kada ka shiga cikin masu ce masa ya ƙara wuta.

Wanda ke Daura ya ɗan fi ku sauƙi, don ta Kazaure da Dambatta Kano ta fi kusa da shi, amma bambancin bai kai ya canza lissafin ba. Shi ma kwanan Kano ya fi masa.

Duk wannan lissafin na ranar da hanya take lafiya ne. Ba ya hana ƙaddara, kuma ba ya maye gurbin abin da direbobin ranar za su gaya maka. In suka ce yau an tsayar da motoci a Damaturu, ka bi maganarsu ka bar tawa. In kuma duk da ƙoƙarinku kuka makara, ku kwana a Potiskum ko Damaturu, cikin gari, cikin tasha ko masauki. Kada ka yarda direba ya ce bari a gwada ko za a dace. Gara ku sauka da kayanku ku yi asarar ragowar kuɗin motar, da safe motocin Maiduguri suna nan birjik a Damaturu.

Dawowarka kai kaɗai ta fi sauƙi, amma ita ma tana da nata. Ba za ka fita Maiduguri da asuba ba, sai an buɗe hanya, kuma za ka tarar da dogon layin motocin da ke jira a bakin gari. Ka je Tashar Kano ko tashar Borno Express tun da sassafe don motarka ta kasance a gaban layin. Za ka shiga Kano wajen la'asar ko bayanta. In ka sauka kafin 4, ka tsallaka Ƙofar Ruwa ka kama motar Katsina. In 5 ta yi kana Unguwa Uku, ka koma inda kuka kwana ranar Juma'a, ka ƙarasa gida da safe.